Kiwon Karɓa-karɓa da Damina: Yadda Ake Hutar da Makiyaya Don Rage wa Tumaki da Awaki Tsutsar Ciki

Duk shekara, da ruwan Agusta ya zauna, tambaya ɗaya nake samu daga masu kiwo a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa: ga ciyawa ta yi kore shar, ga dabba tana ci, ga magani an ba ta, amma sai ramewa take, ko a wayi gari ɗan rago ya mutu babu ko zawo. Ni ma na ɗanɗana wannan. A wata damina na rasa 'yan raguna uku cikin mako biyu a fili ɗaya da ke bayan gidanmu, filin da nake alfahari da ciyawarsa. Da muka fede na ukun, Baffana ya buɗe cikin nan na ƙarshe, wanda hanji ke farawa daga gare shi, ya miƙo mini ya ce, "Yaro, duba da idonka." Ga wasu tsutsotsi sirara kamar zare, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, ja da fari a murɗe, sun cika shi. Naman kuwa ya yi fari fat. Jini suka shanye.

Wannan tsutsa mai shan jini ita ce za mu yi wa tarko a nan, kuma lissafi biyu kawai ake buƙata a riƙe. Macenta tana zuba ƙwai dubbai a rana, su fita cikin kashin dabba. Da damina, a zafi da danshi irin namu, kwana huɗu zuwa shida ya ishi ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su kai matsayin hawa ciyawa su jira bakin dabba. Shi ne lissafi na farko. Na biyun shi ne, a wannan matsayi ba sa cin komai, guzurin jikinsu suke ƙonawa, kuma zafi yana sa ya ƙare da wuri: idan suka yi wajen wata ɗaya zuwa mako shida ba a haɗiye su ba, mafi yawansu sun mutu. Saboda haka aikin shi ne a tashi daga wuri kafin su farka, kada a dawo sai sun mutu. Misalin da zan bi da shi har ƙarshe fili ne mai hekta ɗaya, mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, da dabbobi goma sha biyu, tumaki 'yankasa bakwai da jajayen awaki biyar.

1. Duba filin tun kafin ruwa ya sauka

A bazara ake fara wannan aiki, cikin Afrilu ko Mayu. Ka zaga filin da ƙafa, ka tuna inda ruwa yake kwanciya bara, inda inuwa take, da inda dabbobi suka saba taruwa. Kwari da gindin manyan bishiyoyi su ne maɓoyar tsutsa, don can danshi ke daɗewa kuma can kashi ke taruwa. Idan akwai wani lungu da ruwa ke tsayawa kwana da kwanaki, cire shi daga lissafi gaba ɗaya, ka killace shi, ka bar ciyawarsa ta yanka da shanya.

Hattara a nan ga mutanen fadama, musamman yankin Haɗejiya da bakin madatsun ruwa: ciwon hanta da dabbobi ke ɗauka a wurin da katantanwa take ba ya jin hutun wata ɗaya. Ƙwayarsa tana iya manne wa ciyawa wata da watanni. Maganinsa hana dabba kiwo a bakin ruwan, da magani na musamman daga likitan dabbobi.

2. Ƙidaya ɓangarori

Filin za a yanka ɓangare-ɓangare, dabbobi suna zagaya su ɗaya bayan ɗaya. Don sanin adadinsu, ka raba kwanakin hutu da kwanakin zama, ka ƙara ɗaya. Idan kana son dabbobi su yi kwana huɗu a wuri, wurin ya huta kwana talatin da shida, to talatin da shida a raba huɗu, tara, a ƙara ɗaya, ɓangare goma. Tsarin ɓangare goma da zaman kwana uku da rabi an gwada shi da awaki a Tonga, ƙasar tsibirai mai zafi da ruwa da ke tekun Pasifik, aka ga ya rage tsutsa ƙwarai.

Ni na fi son a ɗaure lissafin da ranakun mako, don ko yaron gida ba zai manta ba. Ana tashi ranar Litinin da ranar Juma'a. Daga Litinin zuwa Juma'a kwana huɗu, daga Juma'a zuwa Litinin kwana uku. Ɓangare biyu ke nan a mako, ɓangare goma a mako biyar, kuma kowanne zai huta kwana 31 ko 32 kafin a dawo masa. Akwai wata 'yar dabara a ciki: tunda adadin goma ne, ɓangare na 1, 3, 5, 7 da 9 kullum ranar Litinin za a shige su, su ne masu ɗaukar kwana huɗu. To ka ba waɗannan lambobi wuraren da suka fi ciyawa, ka bar masu ƙarancin ciyawa ga zaman kwana uku.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo idan na gani shi ne mutum ya raba fili uku ko huɗu, yana mako guda a kowanne, yana ganin ya yi karɓa-karɓa. A kwana na biyar zuwa na bakwai dabbobin sun fara cin 'ya'yan tsutsar da suka zubar da kansu. Sannan ya dawo bayan mako biyu ko uku, daidai lokacin da 'ya'yan suka gama fitowa daga kashi suka cika ciyawa, da ransu da ƙarfinsu. Wannan tsari yana iya fin rashin tsari muni, don ya tara dabbobi a ƙaramin wuri kuma ya mai da su a mafi munin lokaci. Idan ba za ka iya kai ɓangare goma ba, ka rage da dabara: ɓangare takwas, kwana huɗu-huɗu, hutu kwana 28, sai ka ƙara da kwana uku ko huɗu a gida kana ba su harawa kafin a koma na farko.

3. Auna ciyawa, ka san ko filin zai ɗauke su

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, alhali shi ke rushe tsarin daga baya, don yunwa ce ke tilasta wa mai kiwo komawa wurin da bai gama hutawa ba. Tunkiya ko akuya mai nauyin kilo 25 tana cin ɗanyar ciyawa kilo uku zuwa huɗu a rana. Mu ɗauki uku da rabi. Dabba goma sha biyu, kilo 42 a rana, kilo 168 a kwana huɗu.

Yanzu ka samo sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya, ka shimfiɗa su murabba'i a wuri mai matsakaiciyar ciyawa, kada ka zaɓi inda ya fi kyau. Ka yanke abin da ke ciki da lauje, ka bar faɗin tafin hannu daga ƙasa, ka zubar da tafasa da duk abin da ka san ba sa ci, ka zuba sauran a leda ka ɗora a sikelin rataye. Yi haka a wuri uku, ka ɗauki matsakaici. A ce ka sami giram 400. Ɓangare ɗaya na hektarmu murabba'in mita kusan 1,000 ne, kilo 400 ke nan. Raba shi biyu, don rabi zai tafi a tattakewa da fitsari da abin da suka ƙi: saura kilo 200. Buƙatarmu 168, filin ya ɗauke su.

Amma a ƙarshen Yuni, lokacin da ciyawa ke ƙuruciya, za ka iya samun giram 150 kacal. Kilo 150 a ɓangaren, 75 bayan an raba, abincin kwana biyu ma bai cika ba. Nan ne amfanin ajiyar rani ke fitowa. Ka riƙe su a gida da harawar wake ko ta gyaɗa, ƙowa da dusa, har ciyawar ta kai taƙi ɗaya da rabi zuwa biyu, ko kuma ka riƙa fitar da su rabin yini ka cika musu a gida. Na san ajiyar harawa har Yuni ba ƙaramin abu ba ne, lokacin ta yi tsada kuma rumbu ya yi ƙasa, amma wanda ya saki dabbobi kan tsiron farko ya kashe ciyawar tun tana jaririya, kuma ya sa bakinsu a ƙasa inda tsutsa take. A arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari, inda ruwa bai kai na kudancin Kano ba, hekta ɗaya ba lallai ta ɗauki goma sha biyu ba ko a Agusta. Sikeli ne zai faɗa maka, ba ido ba.

4. Shinge da kayan aiki

Ba sai ka gina shinge goma ba. Ga yadda ake rage kashe kuɗi a hektarmu. Shingen kewaye mita 400. Ta tsakiya ka fitar da hanya mai faɗin mita biyu daga wannan bango zuwa wancan, da shinge hagu da dama, mita 200. Yanzu kana da fili biyu, kowanne za a yanka shi biyar, faɗin mita 20-20. Waɗannan yankan ba na dindindin ba ne: nannaɗin waya mai raga guda uku, kowanne mita 50, sun isa. Biyu suna tsare da dabbobi gaba da baya, na ukun ka riga ka kafa shi a ɓangaren da za a shiga. Kowane nannaɗi yana buƙatar turaku kamar goma sha takwas, tazarar mita uku. Idan ka kafa turakun dukan layukan tun farko ka bar su, waya kawai za a riƙa ɗauka, mutum biyu su gama cikin ɗan lokaci.

Kuɗin da ya fi yawa yana kan waya, sai turaku, sai ladan kafawa. Ka je kasuwa da waɗannan mitoci a rubuce, ka tambayi farashin nannaɗi da tsawonsa, ka lissafa kafin ka taɓa aljihu. Wanda ba shi da ƙarfin wayar kewaye yana iya farawa da shingen ƙaya na magarya ko bagaruwa, ya dasa aguwa ko dashi a bayansa, su kama su zama shingen rai cikin 'yan shekaru. Tsayin shinge ya kai aƙalla mita ɗaya da 'yan kai saboda awaki, kuma ƙasansa ya taɓa ƙasa, don akuya ta fi bi ta ƙarƙashi a kan tsallake. Waya mai ƙaya zalla ba ta tsare akuya, sai dai ta yage mata hantsa.

Hanyar tsakiyar nan tana da nata haɗari. Kullum safe da yamma dabbobi suna bi suna zubar da kashi, ba ta samun hutu ko na rana ɗaya. Ka sa fartanya ka kankare ta, kada ciyawa ta tsiro, kada kuma a bar su suna tsayawa a ciki.

5. Idan turke kake da shi, ba waya ba

Mafi yawan gidajenmu da damina ɗaure dabbobi ake yi saboda gonaki, kuma mai akuya uku ko huɗu ba ya buƙatar waya ko taƙi ɗaya. Turke da igiya sun isa su yi wannan aiki, matuƙar za a riƙa cire turken. Igiya mai mita huɗu tana ba dabba da'ira mai murabba'in mita 50. Da lissafin giram 400 ɗin nan, kilo 20 ne, rabinsa 10, abincin kwana uku na dabba ɗaya. To kowace dabba tana buƙatar wurin turke goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, tazarar aƙalla mita tara tsakanin turke da turke don kada da'irori su haɗu ko igiyoyi su sarƙe. Duk inda aka cire turke, a soka ɗan kara a ɗaura masa tsumma, a san wurin yana hutu.

Abin da nake gani a gefen hanyoyi shi ne turke ɗaya tun farkon damina har kaka, da'irar ta zama ƙasa tsirara da kashi, akuya tana miƙa wuya tana tsintar ɗan koren bakin da'irar, wanda shi ne ya fi kowane wuri tsutsa. Wata gwaggona da ke da awaki huɗu ta ce mini, "Ɗana, ai nan ne inuwa take, kuma ina hango su daga ƙofar gida." Gaskiyarta ce, inuwa da tsaro dalilai ne masu ƙarfi. Abin da muka yi shi ne muka mai da gindin bishiyar wurin hutun rana kawai, aka share shi tas babu ciyawa, ana kwashe kashin kullum, kiwon kuma jikanta yana zagayawa da su turke-turke safe da la'asar. A kula da ɗaurin wuya, kada ya zama zarge.

6. Tace garken kafin shiga ɓangare na farko

Da rani filinmu a wanke yake, rana da iskar hunturu sun kashe abin da ke kan ƙasa, in ban da fadama da gefen rijiya. To daga ina tsutsar damina ke fitowa? Daga cikin dabbobin. Waɗanda aka haɗiye a ƙarshen damina suna lafewa a bangon ciki ba tare da sun girma ba, su yi rani a haka, sai dab da saukar ruwa su farka su fara zuba ƙwai. Uwar da ta kusa haihuwa ko take shayarwa ta fi kowa zubar da ƙwai, don ƙarfin jikinta ya ragu.

Don haka a ƙarshen bazara ka kama su ɗaya bayan ɗaya a cikin haske, ba a ɗaki ba. Ka danna fatar idon sama da babban yatsa a hankali, ka ja ta ƙasa, ka dubi launin cikinta. Ja sosai, lafiya. Ruwan hoda mai haske, akwai matsala. Fari kamar takarda, dabbar tana bakin mutuwa. Akwai kati mai launi biyar da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu don wannan aiki, ana kiransa FAMACHA, idan malamin dabbobi na yankinku yana da shi ka roƙe shi ya nuna maka yadda ake gwadawa. Ka ba da magani ga masu farin ido, da ramammu, da masu kumburin ruwa a ƙarƙashin haɓa, da iyaye masu shayarwa, da 'yan yaye. Manya masu ƙiba da jan ido ka ƙyale su.

Na san wannan na ƙarshen yana yi wa mutane nauyi, amma ga dalili. Babu maganin da ke kashe tsutsa duka. 'Yan kaɗan da suka tsira su ne masu taurin kai. Idan ka ba kowa magani sannan ka kai su fili mai tsabta, duk ƙwan da zai faɗi a filin na masu taurin kai ne, kuma cikin 'yan shekaru maganin zai daina aiki a gidanka. Waɗanda ka bari suna zubar da ƙwan tsutsa mai jin magani, su cakuɗa da masu taurin kai su rage musu rinjaye.

Magungunan da aka fi samu su ne albendazol, wato farin nan na baki, da lebamisol, da ibamektin. Ka auna nauyi, kada ka yi kirdado: buhu da sikelin rataye sun isa. Akuya ba tunkiya ba ce wajen magani, jikinta yana narkar da shi da sauri, shi ya sa likitoci ke ba ta fiye da awon tunkiya, amma lebamisol yana da haɗari idan ya yi yawa, don haka awon akuya daga bakin likita ka karɓe shi. Kada a ba mai sabon ciki albendazol, wato a wata ɗaya da rabi na farko. Ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin yanka ko shan nono.

Sabuwar dabba daga kasuwa, ko Wudil ko Maigatari ko ina ne, ba ta taka makiyaya ranar da ta zo. A ba ta magani, a killace ta a wurin da babu ciyawa, ana kwashe kashinta, kuma gara ta yi mako biyu zuwa uku a ware saboda sauran cututtuka.

7. Aikin kullum a cikin ɓangare

'Ya'yan tsutsa ba su da ƙafa, a cikin laimar ruwa suke ninƙaya su hau ciyawa, kuma mafi yawansu ba sa wuce faɗin tafin hannu daga ƙasa. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, kada a saki dabbobi da raɓa, a bari hantsi ya ɗaga ganye ya bushe, haka ma bayan ruwan sama. Na biyu, tsawon ciyawa yana gaba da kalanda. Idan ranar Laraba ka ga sun cinye har ta sauka zuwa faɗin tafin hannu, kada ka jira Juma'a. Amma kada ka tura su ɓangare na gaba kafin lokacinsa, don hakan zai gajarta hutun duk zagayen. Mai da su gida su ci harawa har ranar tashi ta zo. In kuma ranar tashi ta zo ciyawa ta rage da yawa, a tashi duk da haka. Kwaɗayin ƙarin kwana biyu shi ne ke buɗe wa tsutsa ƙofa.

Barin wannan tsawo shi ne kuma hutun ciyawar kanta. Gamba da kyasuwa da harkiya, idan aka bar musu ganye, da shi suke kama rana su farfaɗo cikin wata guda. Idan aka aske su ƙasa sau biyu ko uku, saiwarsu ta raunana, tafasa da ƙarangiya su gaje wurin.

Ruwan sha da gishirin lasa su bi dabbobi daga ɓangare zuwa ɓangare. Rabin jarka ko baho a ɗora kan bulo ya isa. Idan mazubin ruwa yana yoyo, ko kullum wuri ɗaya ake ajiye shi, za ka ga ɗan kore mai laushi ya kewaye shi, kuma wannan ɗan koren zai iya ɓata maka aikin hekta guda. A gida ma haka: a share makwanci kullum, a zuba abinci a komi ko a rataye harawa, kada a watsa a ƙasa. Kashin da aka kwashe a tara shi a juji ya ruɓe a kai gona, kada a watsa ɗanyensa a makiyaya. Ciyawar da yara ke yankowa daga gefen hanya, inda dabbobin gari ke kiwo, tana iya zuwa da tsutsa har gida. A yanke ta sama-sama, ko a shanya ta ta bushe sosai.

Awaki kuwa asalinsu masu cin sama ne, shi ya sa jikinsu bai iya yaƙi da tsutsa kamar na tumaki ba idan aka tilasta musu kiwon ƙasa. Duk ɓangaren da ke da sabara, kargo ko magarya, alheri ne gare su. In babu, a sassaro musu reshe a rataye a jikin shinge.

8. Abin da ake yi da ɓangaren da ke hutawa

Hutu yana nufin babu tunkiya, babu akuya, ko ta maƙwabci. Tsutsarsu ɗaya ce, don haka fitar da tumaki a shigar da awaki ba hutu ba ne. Jaki ko doki na iya shiga, tsutsar tumaki ba ta rayuwa a cikinsu, duk wadda suka haɗiye ta mutu. Manyan shanu ma suna taimakawa, amma ban da maruƙa. Idan shanun huɗa za su bi baya, su shiga washegarin fitar tumaki su yi kwana ɗaya ko biyu, don ciyawar ta sami sauran kwanakin ta farfaɗo.

A tsakiyar Agusta ciyawa kan fi ƙarfin dabbobi. Idan wani ɓangare ya yi tsawo har ya fara fitar da kai, yanke shi ka shanya idan ka sami rana, ka ajiye wa Yuni mai zuwa. Yankan yana buɗe ƙasa rana ta shiga, kuma rana abokiyar aikinka ce a nan.

9. Yadda za ka gane ko tsarin yana aiki

Ka sami ɗan littafi, ko ka rubuta da gawayi a bangon zaure: lambar ɓangare, ranar shiga, ranar fita. Daga Yuli zuwa Oktoba ka duba idanu duk mako biyu, 'yan yaye kuwa duk mako a lokacin marka. Tsutsar da aka haɗiye yau tana ɗaukar wajen mako uku kafin ta fara ƙwai, amma tana shan jini tun kafin nan, shi ya sa ɗan rago kan faɗi ba a ankara ba. Kada ka jira zawo, wannan tsutsa ba ta cika kawo shi ba. Kada kuma ka jira ganinta a kashi: fararen gutsattsarin nan masu kama da shinkafa na wata tsutsa ce daban, mai faɗi, wadda ɓarnarta ba ta kai ta wannan ba. Alamun da za ka sa wa ido su ne farin ido, kumburin haɓa, da dabbar da ke zama a baya idan ana kora garke.

A garkenmu na goma sha biyu, idan a kowane dubawa ɗaya ko biyu ne ke buƙatar magani, tsarin yana tafiya. Idan ka ga huɗu ko biyar sun yi fari lokaci guda, koma littafin ka duba mako uku zuwa huɗu baya: wane ɓangare suka shiga, ya cika kwanakin hutunsa, an wuce kwana huɗu a ciki, ko wani ya buɗe shinge? Sau da yawa a nan za ka kama ɓarawon. Idan kuma ka ba da magani daidai awo, bayan mako biyu idon bai fara ja ba, to ko maganin jabu ne, ko tsutsar ta daina jinsa, ko ciwon wani ne daban kamar na hanta. Kai kashin dabbar asibitin dabbobi a duba ƙwai kwana goma zuwa sha huɗu bayan magani, a sauya maka wani jinsin idan ya kama. Sauya sunan kamfani ba sauya magani ba ne, ka duba sunan sinadarin.

Littafin zai nuna maka wani abu kuma: dabbobi biyu ko uku ne kullum ke dawowa layin magani. Su ne ke zubar da mafi yawan ƙwan da ke filinka, kuma 'ya'yansu kan gaji wannan rauni. Tunkiyar da ta sha magani sau uku a damina ɗaya alhali 'yan'uwanta ba su sha ko sau ɗaya ba, a yi mata kiwon turke ta yi ƙiba a kai ta kasuwa, kada a bar ta cikin iyayen garke.

10. Rufe zagayen da kaka

Kada ka saki tsarin ranar da ruwa ya ɗauke. Ƙasa tana riƙe danshi, raɓar Oktoba tana da nauyi, kuma tsutsar da aka haɗiye a wannan lokaci ita ce mai lafewa ta jira baɗi. Ci gaba da zagayen har ciyawa ta bushe. Da an kawar da amfanin gona, mai da su gonakin gero da dawa da wake: ƙasar da aka nome kuma dabba ba ta taka ba tun farkon damina ita ce mafi tsabtar makiyaya da kake da ita, kuma 'yan yaye da iyaye masu shayarwa su ya kamata su fara shiga. A duba idanu sau ɗaya kafin a shigar da su, a yi wa masu buƙata magani. Sannan ka nannaɗe wayoyin nan uku ka shigar da su inuwa, ka bar sauran busasshiyar ciyawar filin ta rufe ƙasa kada a cinye ta ƙurmus, ka fara ɗaure harawar da za ta riƙe maka garken a Yuni.